Kada a taɓa maka haƙori sai ka ga kuɗin aikin duka a rubuce

Ba ka yarda magini ya fara haƙa tushen ɗakinka sai ya faɗa maka buhun siminti nawa za a ci, bulo nawa, ladansa nawa, kuma yaushe zai gama. Ko tela ma sai kun yi ciniki kafin ya sa almakashi a shaddarka. Amma idan ciwon haƙori ya hana ka barci kwana uku, sai ka hau kujerar likita ka buɗe baki, a ambata maka kuɗi guda da fatar baki, ka ce to, a fara. Haƙorin da za a cire ba ya sake tsirowa, wanda za a fafe kuwa ba ya komawa yadda yake. Wannan ciniki ya fi na magini da na tela buƙatar takarda, kuma shi ne muka fi yin sakaci da shi.

Abin da nake kira a kai ƙarami ne a ido: takarda ɗaya, ko biyu idan aikin ya yi yawa, wadda likitan haƙori zai ba ka bayan ya duba ka, kafin ya fara aiki. A cikinta ya rubuta abin da ya gano, hanyoyin da ake da su na magance shi, kuɗin kowace hanya daga farko har ƙarshe, sau nawa za ka dawo, da abin da zai biyo baya idan ka zaɓi ka bar haƙorin yadda yake. Ka tafi da ita gida, ka yi shawara da iyalinka da aljihunka, sannan ka dawo ka ce ga wadda na zaɓa. Asibitin da ya hana ka wannan takarda ya rage maka wani abu daga haƙƙinka, komai ƙwarewar hannun likitansa.

Ni ba likitan haƙori ba ne. Aikina harhaɗa magunguna ne a asibiti, kuma ta tagar ɗakin magani ake ganin ƙarshen labarin da aka fara ba tare da takarda ba. Mutum ne zai zo da kunci a kumbure, yana neman a maimaita masa amoksisilin da metronidazol karo na uku cikin wata biyu. Idan ka tambaye shi, sai ya ce an fara masa aiki a haƙori, an toshe ramin da wani farin abu, an ce ya dawo da sauran kuɗi, kuɗin da bai san da su ba sai bayan an buɗe haƙorin. Bai samu ba, bai koma ba, ya mayar da ƙwayoyi su ne likitansa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki, domin a cikin lissafi ne ake gane amfanin takardar. Magidanci ne, ɗan shekara 42, turmin haƙorinsa na farko na ƙasa ta dama ya yi kogo. A takardun asibiti za ka ga an rubuta masa lamba 46, wato haƙori na shida daga tsakiya a ɓangaren dama na muƙamuƙin ƙasa. Shi ne turmin dindindin da ke fara fitowa tun yaro yana kusan shekara 6, a bayan haƙoran nono, shi ya sa iyaye da yawa suke zaton zai famfare ne su ƙyale shi ya ruɓe. Na wannan magidanci ruɓewar ta ratsa har ta kai ga ɓargon haƙorin, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Alamar haka ita ce zafin da ke tashi da kansa cikin dare, kuma ya daɗe yana zogi bayan an sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi. Idan ciwo ya kai nan, ciko kawai ba ya wadatarwa. Ko dai a fitar da ɓargon da ya lalace a bar haƙorin, ko a cire haƙorin ɗungurungum.

Hanya ta farko ita ce aikin jijiya, wanda za ka ji ma'aikata suna kira rut-kanal. Likita zai huda haƙorin ta sama, ya zaƙulo ɓargon, ya wanke 'yan siraran hanyoyin da ke cikin saiwoyi, sannan ya cike su. Wannan turmi yawanci saiwa biyu gare shi, amma hanyoyin da ke ciki uku ne ko huɗu, don haka aikinsa ya fi na haƙorin gaba wahala da tsada, kuma sau da yawa sai an zo sau biyu ko uku. Ga kuma abin da ake yawan hadiyewa a bakin kujera: turmin da aka yi wa wannan aiki ya rasa tsakiyarsa, bangonsa ya yi siriri, ga shi kuma shi ne yake ɗaukar nauyin tauna. Yana buƙatar a gina masa ciko mai ƙarfi, sannan a ɗora masa hula, wato murfin da ake ƙerawa daidai da shi domin ya riƙe shi kada ya tsage. Hular ba ado ba ce, ɓangare ce ta maganin. Kuma kuɗinta kan yi kusa da kuɗin aikin jijiyar kansa, ko ma ya ɗara shi.

Mu sa alƙaluma na misali, tunda kowane asibiti da nasa farashi, kuma farashin yana motsi da kasuwa. A ce aikin jijiya naira 90,000 ne, hoton haƙori guda biyu naira 10,000, cikon dindindin naira 20,000, hula naira 110,000. Jimla ta kama naira 230,000. Magidancin nan kuwa abin da ya ji a bakin kujera shi ne 90,000, yana da 100,000 a hannu, ya ce a yi. An yi aikin, an ɗauki hotuna, kuɗinsa sun ƙare ƙaf. Ranar zuwa na ƙarshe ake gaya masa cewa saura 130,000. Sai ya tafi da cikon wucin gadi, wanda aka yi shi domin ya riƙe na 'yan makonni kawai. Watanni suka wuce, cikon ya zaizaye, yawu da ƙwayoyin cuta suka sake samun hanya zuwa cikin saiwoyin da aka wanke. Wata rana ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa, haƙorin ya tsage har ƙasan dasashi. Haƙorin da ya tsage ta saiwa ba ya gyaruwa. Aka cire shi a kan naira 15,000, in ma bai kakkarye ba har sai an tsaga dasashi, wanda kuɗinsa ya fi haka. Ya kashe 115,000, kuma ba shi da haƙori.

Ka lura, babu wanda ya yi masa ƙarya. Kuɗin aikin jijiya 90,000 ne kamar yadda aka faɗa. Rabin zance aka ba shi, shi kuma ya ɗauka duka ne. Da an miƙa masa takarda mai ɗauke da 230,000, an rarraba ta zuwa-zuwa, da ɗayan biyu ya faru. Ko ya ga cewa zai iya, ya nemi a fara da abin da ke hannunsa, ya san cewa cikin 'yan makonni sai ya kawo kuɗin ciko da na hula, ya shirya wa hakan tun daga albashin wata mai zuwa ko kuɗin adashi. Ko kuma ya ga cewa ba zai iya ba, ya zaɓi hanya ta biyu tun farko, a cire da hoto ɗaya a kan 20,000, sauran 80,000 su zauna a gidansa. Kowanne ya ɗauka, ya fi abin da ya same shi.

Sai dai ita ma hanya ta biyu ba a kamata a rubuta ta da layi ɗaya ba, a ce "cirewa, 15,000" a yi shiru. A nan ne laifin ya fi yawa, domin a wurare da dama cirewa ita kaɗai ake ambata wa talaka, kamar an riga an leƙa aljihunsa an yanke masa hukunci. Takarda ta gaskiya za ta faɗa masa abin da giɓin zai haifar. Turmin da ke bayan giɓin yakan kwanto gaba sannu a hankali, na sama da ya rasa abokin tauna yakan zazzago ƙasa, abinci ya riƙa maƙalewa a inda da ba ya maƙalewa. Ba kowa wannan ke yi wa tsanani ba, kuma akwai mutane da yawa da suke zaune lafiya da giɓin turmi ɗaya shekara da shekaru. Barin giɓin zaɓi ne mai mutunci, amma a faɗa masa ya zaɓa da saninsa.

Idan kuma yana son a cike giɓin, to nan ma akwai rassa. Haƙorin roba da ake sakawa a cire shi ne mafi araha, a ce 35,000 a misalinmu, amma sai an riƙa cire shi da dare ana wankewa, kuma ba ya tauna kamar na asali. Akwai gada, wadda ake mannewa ta zauna daram. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne, domin a kafa ta, sai an feƙe haƙoran nan biyu da ke gefe da gefen giɓin, ko da lafiyarsu ƙalau, a ɗora musu huluna su riƙe na tsakiya. Kuma ana lissafin kuɗinta ne ɗaya-ɗaya: haƙori ɗaya ka rasa, amma na uku za ka biya. A farashinmu na misali, uku sau 110,000 ya kama 330,000, ka haɗa da kuɗin cirewa da hoto ya zama 350,000. Dubi abin mamaki: wanda ya guje wa 230,000 domin ceton haƙorinsa, idan daga baya ya nemi gada, zai biya abin da ya fi haka, ya kuma sadaukar da ɓawon lafiyayyun haƙora biyu. Babu mai iya yin wannan lissafi a ka, yana kwance a kujera, fitila na haska masa ido, kunci na zogi. A takarda kawai ake ganinsa. Dashe kuwa, inda ake kafa ƙusar ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi, shi ne mafi tsada, yana ɗaukar watanni kafin ƙashi ya kama ƙusar, kuma dole ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa na ƙusar ne kaɗai ko har da haƙorin da za a ɗaura a kanta.

Hanya ta uku ita ce a bar shi, kuma wajibi ne a rubuta ta, domin ita ce wadda mutane suka fi zaɓa ba tare da sun ce sun zaɓa ba. A nan zan yi magana a fagena. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya warkar da haƙorin da ɓargonsa ya ruɓe. Ɓargon da ya mutu jini ba ya shiga cikinsa, maganin da ka haɗiya kuwa ta jini yake tafiya, don haka ba ya isa maɓoyar cutar. Zai iya kwantar da kumburi na ɗan lokaci, sai ka ga kamar an rabu, bayan makonni abin ya dawo. Haka kuma idan zogin ya ɗauke da kansa bayan kwanaki na azaba, ba waraka ba ce, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, cutar kuma tana ci gaba da taruwa a ƙarƙashin saiwa. Masu rage zafin ma suna da iyaka. Farasitamol bai kamata baligi ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Ibufurofen da dikulofenak 'yan gida ɗaya ne, haɗa su ba ya ninka sauƙi, gyambon ciki da ciwon ƙoda yake gayyatowa. Wanda ya yi wata uku yana shan su domin ya kauce wa kujerar likita, shi ma yana biyan kuɗi, sai dai bai taɓa zama ya tara su ba.

Wani layi kuma da nake so in gani a kowace takarda shi ne na magungunan da mutum yake sha da cututtukan da yake fama da su, domin suna iya sauya zaɓin kansa. Mai shan wafarin, maganin da ke hana jini daskarewa, yana buƙatar a auna jininsa dab da ranar cire haƙori, kuma kada ya dakatar da maganin da kansa. Shi wannan mutum idan aka ba shi metronidazol ba tare da lura ba, ƙarfin wafarin yana hauhawa har ya jawo zubar jini. Dattijuwar da ta daɗe tana shan alendironet saboda raunin ƙashi, cire mata haƙori yana da haɗarin ramin ya ƙi warkewa, don haka a wurinta aikin jijiya na iya zama mafi aminci ko da ya fi tsada. Mai ciwon sukari da bai daidaita ba, rauninsa yana jinkirin warkewa. Idan an rubuta waɗannan, mai ba da magani zai gani, likitan zuciya zai gani, ɗan da zai biya kuɗin ma zai gane dalilin da ya sa ba a zaɓi mai araha ba.

Na san amsoshin da ake bayarwa. Ta farko, wai marasa lafiyarmu da yawa ba sa karatu, me za su yi da takarda? Wannan hujja ta fi kowace rauni. Wane gida ne yau babu ɗalibi ko maƙwabcin da zai karanta? Kuma wanda yake zaune a kujera sau da yawa ba shi ne mai biya ba. Mace ce za ta koma ta gaya wa maigida, tsoho ne zai kira ɗansa a Legas ko Abuja. Saƙon baki yana raguwa a hanya, 230,000 mai kashi huɗu ta isa gida ta zama "sun ce dubu casa'in". Takarda kuwa ana ɗaukar hotonta da waya a tura, ta isa yadda aka rubuta ta. Wanda ba ya karatu shi ya fi kowa buƙatar abin da zai nuna wa mai karatu. A rubuta ta da Hausa idan ita ce yake ji, a karanta masa kafin ya fita.

Ta biyu tana da ƙamshin gaskiya: likita ba ya sanin komai sai ya buɗe haƙorin. Haka ne. Hoto ba ya nuna kowace tsaga, wani lokaci ana tsammanin hanyoyi uku a tarar da huɗu, wani lokaci ana fara aikin jijiya a ga haƙorin ya riga ya tsage, dole a koma ga cirewa. To sai a rubuta haka ɗin. A ce kuɗin zai kama daga kaza zuwa kaza, a ce idan aka buɗe aka tarar ba zai gyaru ba, ga abin da za a riƙe, ga abin da za a mayar ko a juya zuwa kuɗin cirewa. Idan tsari ya sauya a tsakiyar aiki, a dakata, a sake rubutawa, mai haƙori ya sake amincewa. Rashin tabbas ba dalilin yin shiru ba ne, shi kansa bayani ne da ya kamata mai biya ya sani.

Ta uku ita ce layi ya yi tsawo, likitocin haƙori kuma sun yi kaɗan. Ban musa ba. Amma matsalolin da suke kawo mutane ba su da yawa, kuma hanyoyinsu sanannu ne. Fom guda da aka buga tun da wuri, mai gurabun lambar haƙori, hanyoyi, kuɗi da yawan zuwa, ana cike shi cikin 'yan mintuna. Mutumin da ya dawo bayan wata shida da tsagaggen haƙori da ɓacin rai yana cin lokacin da ya ninka wannan.

Akwai ta huɗu wadda ba a furtawa, ita ce tunanin cewa likita ya fi ka sanin abin da ya dace da kai. Ya fi ka sanin haƙori, babu shakka, kuma ina son takardar ta ƙunshi shawararsa a fili: ni da za a bi tawa, hanya ta farko zan ɗauka, saboda kaza. Takardar da ta jera hanyoyi ta tsame hannu ita ma ta gaza. Amma bai fi ka sanin kuɗin makarantar da ke jiranka ba, ko cewa daga ƙauyenku zuwa asibiti tafiyar yini ce, ta yadda zuwa huɗu yana nufin kuɗin mota huɗu da barin gona kwana huɗu. Shi ya kawo abin da ya sani, kai ka kawo naka, sannan a yanke.

Kada kuma ka ɗauka alfarma kake roƙo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya a Najeriya nauyin sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowace hanya, da kuma 'yancinsa na ƙin karɓar magani tare da abin da ƙin zai haifar. Ta kuma nemi a yi bayanin, gwargwadon iko, da harshen da mutum yake fahimta. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar a Abuja a shekarar 2018 shi ma ya ambaci haƙƙin a bayyana maka kuɗi a fili. Abin da nake nema kawai shi ne bayanin da doka ta riga ta ce naka ne ya sauka a kan takarda, inda ba zai bi iska ba.

Akwai lokacin da ba a tsayawa jiran takarda. Idan kumburi ya fara haurawa wajen ido, ko ya sauka ƙarƙashin haɓa zuwa wuya, ko baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara, numfashi ya yi nauyi, ko zazzaɓi ya rufe mutum, wannan asibiti ne a daren nan, ba gobe ba. Haka ma idan zafi ya yi tsanani, likita zai iya buɗe haƙorin ya sa magani ya toshe na wucin gadi domin ka samu barci. Wannan matakin farko ne mai ƙaramin kuɗi, kuma shi ne yake saya maka kwanakin da za ka karanta takardar da hankali kwance.

Idan aka miƙo maka ita, kada ka tsaya a kan jimla kawai. Nemi lambar haƙorin, ka sa a nuna maka shi a madubi da kuma a hoto. Idan ka ga aikin jijiya a kan turmi babu layin ciko da na hula, tambayi ina suke, da kuma tsawon lokacin da za ka iya jira kafin a ɗora su. Idan ka ga gada, tambayi haƙora nawa aka ƙirga. Tambayi ko kuɗin hoto, allurar kashe zafi da magungunan da za ka saya suna ciki, da kuma ranar da farashin zai daina aiki, tunda kayan aikin yawanci daga waje ake shigo da su. Idan kana da inshorar lafiya, sa a ware maka abin da take ɗauka da wanda za ka biya daga aljihu, domin tsare-tsare da dama sun tsaya ne a kan ƙananan ayyuka, ba sa kaiwa ga hula ko dashe. A tabbata akwai sunan likita da kwanan wata. Idan kuwa aka ce ba a ba da irin wannan takarda a nan, fito da taka da biro, ka rubuta abin da aka faɗa layi-layi a gabansu, ka karanta musu, ka roƙi likita ya sa hannu a ƙasa.